Riba kashi 25, amma na wane kuɗi?

A takardar farashin da ake bai wa yaran shago akan ga layi uku: kuɗin sari, kuɗin sayarwa, sai riba da aka rubuta da kaso, misali 25%. Maigida ya duba ya gamsu, akanta ma ya duba ya gamsu, alhali kowannensu da abin da yake nufi. Maigida na lissafin kashi 25 na uwar kuɗin da ya zuba, shi kuwa akanta na lissafin kashi 25 na kuɗin da mai saye ya biya. Na farkon shi ne ake rubuta wa `Markup` a saman layi, na biyun `Margin`, in har an rubuta. Sau da yawa alamar % kawai ake sawa.

A ce an saro katon ɗin sabulu a kan ₦12,000. Idan aka ɗora kashi 25 a kan uwar kuɗi, ƙarin ₦3,000 ne, a sayar ₦15,000. Amma ₦3,000 a cikin ₦15,000 ɗaya bisa biyar ce, wato kashi 20 na ciniki. Wanda yake son kashi 25 na abin da ya shiga aljihu ya zama riba, sai ya sayar ₦16,000, domin ₦4,000 ita ce rubu'in ₦16,000. Bambancin ₦1,000 ne a katon guda. A katon 200 ya zama ₦200,000 da aka sa rai da su kuma ba za su zo ba.

Asarar ta fi fitowa fili ranar da aka yi rangwame. Mai kaya ya ga 25% a takarda, sai ya ce a rage wa babban kwastoma kashi 20, ai biyar ta rage. To, shi rangwame daga kuɗin sayarwa ake cire shi. Kashi 20 na ₦15,000 shi ne ₦3,000 cif, farashi ya koma ₦12,000. An sayar a yadda aka saro ke nan, ga kuɗin mota da na dako sun hau kan mai shago.

Gwajin ba shi da wuya. Ɗauki layi guda, ka cire kuɗin sari daga kuɗin sayarwa. Abin da ya rage ka raba shi sau biyu, da kuɗin sari sannan da kuɗin sayarwa. Amsar da ta yi daidai da abin da aka rubuta ita ce ma'anar kason. A Excel, idan sari na B2, sayarwa na C2:

```
=(C2-B2)/B2
=(C2-B2)/C2
```

A misalinmu na farkon zai ba da 0.25, na biyun 0.20, sai mu san 25 ɗin a kan uwar kuɗi take. In kuma takardar ce ke fitar da farashi da kanta daga kason da ke D2, danna gidan farashin ka karanta abin da ke ciki. `=B2*(1+D2)` ƙari ne a kan sari, `=B2/(1-D2)` kuwa kaso ne daga ciniki. Akwai wanda ba ya ma buƙatar gwaji: duk kason da ya haura 100 ƙari ne a kan sari, tunda riba ba za ta fi kuɗin da aka karɓa ba.

Kada a yi gwajin da kayan da ribarsu ƙanƙanuwa ce. Ƙarin kashi 5 a kan sari yana daidai da 4.76 na ciniki, kuma takardar da ke ɓoye ɗigo za ta nuna 5 a duka biyun. A nemi layin da ya fi kowanne kaso mai yawa, domin a can tazarar ke buɗewa: ƙarin 50 yana komawa 33.3, ƙarin 100 kuma 50. Layi ɗaya ma bai isa ba. Takardar da ta bi hannun mutane da yawa takan ɗauko lissafin kowa, saman ta bi wannan hanya, ƙasan ta bi waccan.

Tarkon da ya fi ba ni tsoro shi ne haraji. A Najeriya harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020. Idan an haɗa shi cikin farashi, sabulunmu na ₦15,000 zai zama ₦16,125. Cire ₦12,000, saura ₦4,125, ka raba da ₦16,125, sai ka ga 25.6. Mai gaggawa zai ce ai kusan 25 ne, ashe kaso ne daga ciniki. Ya yi kuskure, domin ₦1,125 daga ciki haraji ne, ba ribarsa ba. A fara raba farashin da 1.075 a dawo ₦15,000 tukuna, sannan a yi gwajin. In shi ma kuɗin sarin da haraji a cikinsa, kuma shagon na cikin waɗanda ke cire shi daga abin da za su biya hukuma, a zare shi ta wannan hanyar. Idan bayan haka amsoshin biyu duka sun ƙi dacewa, a tambayi wanda ya tsara takardar ko ya zuba kuɗin mota da dako cikin kuɗin sari, ko kuwa farashin sarin ya canza aka bar tsohon kaso a rubuce.