Karatu a Maraɗi: Lissafin Sefa da Naira

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Dawakin Tofa, akwai gidajen da ɗansu ke karatu a Maraɗi, inda Jami'ar Maryam Abacha take tun 2013. Tafiyar ba ta da nisa, ana shiga ta Jibiya, harshe kuma ɗaya ne. Sai dai kuɗin haya da cefane a can sefa ne, kuɗin makaranta ma sau da yawa da sefa ake yanka shi, alhali abin da uba yake samu daga gero, gyaɗa da kiwo naira ne. Daga nan lissafi yake rikicewa.

Sefa kuɗi ne na ƙasashe takwas na Yammacin Afirka, kuma an ɗaure ta da yuro a kan farashin da ba ya motsi: yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ita kuwa naira, tun watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya bar wa kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar Amurka da ake saye wajen naira 460 a banki kafin lokacin, ta haura 1,500 a farkon 2024. Don haka idan aka ji an ce sefa ta tashi, mafi yawa naira ce ta faɗi, ko kuma yuro ya yi ƙarfi.

Wannan ɗauri yana ba uba hanyar gane farashin gaskiya tun yana gida. A Nijar, jika ɗaya sefa dubu ce. A raba farashin yuro da 656, sannan a ninka sau dubu. Idan yuro yana naira 1,640, jika za ta kama wajen naira 2,500. Ɗan canji a Wapa ko a bakin iyaka zai ɗora ribarsa a kai, domin farashin da yake saye daban, wanda yake sayarwa daban. Idan tazarar ta yi yawa, sai a tambayi wani.

Mu ɗauki misali. A ce kuɗin makaranta jika 600 ne a shekara, ana biya kashi biyu. Haya, abinci, kuɗin mashin da takardu kuma jika 60 a wata, har wata goma, wato wata jika 600. Jimla jika 1,200 ke nan. Idan jika tana naira 2,000, shekarar za ta ci naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Idan ta kai 2,500, za ta ci miliyan uku. Makaranta ba ta ƙara ko sisi ba, mai gidan haya ma haka, amma nauyin gida ya ƙaru da dubu ɗari shida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yanka wa yaro kuɗin wata da naira. Uba ya saba tura dubu 120, wadda a farashin 2,000 take zama jika 60 cif. Da farashi ya kai 2,500, wannan kuɗin jika 48 kawai zai ba da. Haya ba ta raguwa, saboda haka giɓin jika 12 daga bakin abinci yake fita. Alamar ita ce yaro ya fara kira tun kafin wata ya ƙare, ko ya taɓa kuɗin makaranta. Iyaye kan ɗauka almubazzaranci ne, alhali canji ne ya cinye.

Akwai kuma batun lokaci. Kuɗin manomi da kaka yake zuwa, lokacin da hatsi ya fi araha a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Wanda ya sayar a lokacin ya sayi sefa, ya tsira daga faɗuwar naira, amma ya rasa tsadar da hatsi kan yi da bazara. Wanda ya ajiye hatsi yana iya samun farashi mai kyau, amma canji na iya cinye ribar. Naira ma takan farfaɗo, kamar yadda ta yi na ɗan lokaci a watan Afrilu na 2024, wanda ya sayi sefa da tsada sai ya ji a jikinsa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta kasafin da sefa tun farko. Kuɗin makaranta, da yake yana da ranar biya, a canza shi da zarar ya samu, a biya, a karɓi rasit. Na cefane a riƙa canzawa wata-wata, tare da ajiye rarar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari saboda motsin kasuwa. Duk lokacin da aka tura kuɗi kuma, a tambayi yaro jika nawa ta shiga hannunsa, a rubuta wannan adadin a littafi.