Takardar Neman Aiki Daga Hausa Zuwa Faransanci

A ƙasashen Nijar da Kamaru da Cadi akwai Hausawa da dama waɗanda suka ƙware a sana'arsu, amma in sun zo neman aiki a kamfani sai an juya musu takardarsu zuwa Faransanci. Ko a Nijar, inda aka mai da Hausa harshen ƙasa a shekarar 2025, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki. Abin da ya kamata a sani shi ne, irin wannan takarda ba ta fassaruwa kalma da kalma, domin kowane harshe da irin ladabinsa na wasiƙa.

Alal misali, a ɗauki wani mutumin Maraɗi wanda ya shekara 6 yana kula da sito, watau mangaza, a wurin wani ɗan kasuwa. Ya ji wani kamfani yana neman mai irin wannan aiki, sai ya rubuta takardarsa da Hausa. Ya fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ce shi mai tsaron sito ne, ya roƙi a taimaka masa saboda yana da iyali, sa'an nan ya ce yana son albashi dubu ashirin.

A kunnen Bahaushe wannan wasiƙa ce ta mai ladabi. Amma jami'in ɗaukar ma'aikata, wanda takardu suka taru a gabansa, abin da yake nema dabam ne. A wasiƙar Faransanci akan sa suna da adireshin mai nema a sama ta hagu, na kamfani ta dama, da gari da kwanan wata. Daga nan sai layi guda mai farawa da "Objet", inda ake faɗin aikin da ake nema. Gaisuwa kuwa ba ta wuce "Madame, Monsieur" ba, kuma da "vous" ake magana har ƙarshe, kamar yadda akan ce wa babba "ku". Girmamawar da Bahaushe ya sa a farko, ita ce Faransanci ke ajiyewa a jimlar rufewa: "Veuillez agréer, Madame, Monsieur, l'expression de mes salutations distinguées." Shafi ɗaya ya isa.

Batun iyali da roƙon taimako kuwa, gara a cire shi, amma da sanin mai takarda. A gurbinsa sai mai fassara ya tambaye shi abin da yake yi a siton: wane irin kaya yake karɓa, yaya yake rubuta shigarsu da fitarsu, sau nawa yake ƙidaya su. Amsoshin nan su ne hujjar da kamfani ke dubawa.

Sai kuma sunan aikin, inda kuskure ya fi tsada. In mai fassara ya bi kalmar "tsaro" ya rubuta "gardien", to, ya mai da mutumin mai gadi. Kalmar da ta dace da mai kula da kayan sito ita ce "magasinier", kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kwafo sunan aikin yadda yake cikin sanarwar kamfanin.

Haka nan lissafin kuɗi. Hausawan Nijar da dala suke ƙidaya kuɗin sefa, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Saboda haka dubu ashirin ɗin da mutumin nan ya faɗa faran 100,000 ne, watau jika ɗari. In aka rubuta 20,000 da Faransanci, an rage masa kashi huɗu cikin biyar na abin da yake nufi. Ba ma a ambaton albashi sai in kamfani ya nema.

Har ila yau, "na" a Hausa ba ya nuna namiji ko mace, amma Faransanci yakan bambanta, kamar "né" ga namiji da "née" ga mace wajen faɗin haihuwa. Shi ma suna, dole ya zo daidai da na katin shaida: in Moussa ne a can, kada a rubuta Musa a nan.

Kafin a sa hannu, yana da kyau a ba wani mutum dabam takardar ya karanta, ya mayar da ita Hausa da baki. In mai takarda ya ji an kira shi mai gadi, ko an jingina masa abin da bai iya ba, to, akwai gyara. Kada kuma a rubuta cewa ya ƙware a Faransanci alhali kaɗan yake ji, domin ranar ganawa shi kaɗai zai zauna gaban jami'in, ba tare da mai fassara ba.