Hannun Jari Rabi Da Rabi: Yadda Ake Rubuta Sharaɗin Warware Kiki-Kaka

A harkar citta ta Kafanchan da Kachia da Kwoi, ba sabon abu ba ne mutum biyu su haɗa jari su yi wa kamfani rajista, kowa da kashi 50 cikin ɗari. Rabon yana da kamar adalci, amma duk ranar da suka saɓa babu mai rinjaye. A ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020, ƙuduri na yau da kullum yana buƙatar fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa, na musamman kuwa kashi uku cikin huɗu. Mai rabi ba zai iya zartar da ko ɗaya ba, amma yana iya hana duka biyun.

Idan aka rasa mafita, abin da kan rage shi ne a nemi Babbar Kotun Tarayya ta rushe kamfanin. Haka ta faru a Ingila a 1916, a shari'ar kamfanin taba na Yenidje, inda masu shi biyu, Rothman da Weinberg, suka daina magana da juna sai ta bakin sakatare. Kotu ta rushe kamfanin alhali yana cin riba. Don kauce wa irin wannan ne ake sanya sharaɗi na musamman cikin yarjejeniyar masu hannun jari, tun ana zaman lafiya.

Abu na farko shi ne a fayyace abin da ake kira kiki-kaka, domin ba kowace gardama ce ta kai ba. A lissafa manyan batutuwa kaɗai, kamar kasafin shekara, cin bashin banki da ya wuce wani adadi, da sayar da sito ko injin busar da citta. Sai a rubuta cewa an kai ga kiki-kaka idan aka yi zama biyu a jere ba a cimma matsaya ba, ko kuma ɗayansu ya ƙi halarta. Daga nan a ba da kwana 30 na sulhu a hannun wanda aka ambata tun farko. Dokar Sasantawa da Sulhu ta 2023 ta bai wa yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya ƙarfin doka.

Idan sulhu ya faskara, sai sharaɗin "ka saya ko ka sayar" ya fara aiki. Ɗaya ne zai yanka farashin kowane hannun jari, ɗayan kuma ya zaɓa: ko ya sayar da nasa a kan wannan farashi, ko ya saye na mai tayin. Tamkar rabon nama ne, inda mai kasawa ke ɗauka daga ƙarshe.

A ɗauka kamfanin yana da hannun jari miliyan 10, kowa da miliyan 5, kuma darajarsa ta gaskiya naira miliyan 120 ce, wato naira 12 kowane hannu. Idan mai tayi ya yanka naira 8 don ya samu araha, abokinsa zai saye shi a kan miliyan 40, ya yi asarar miliyan 20. Idan ya yanka naira 16, abokin zai sayar masa, ya biya miliyan 80 a kan abin da bai wuce 60 ba. Wannan ne ke tilasta masa faɗin gaskiya.

Sai dai wannan hikima tana aiki ne kawai idan dukansu suna iya biya. A lokacin kaka, sa'ad da kuɗin ɗan kasuwa ke kwance cikin buhunan citta, mai ƙarfin aljihu zai iya yanka naira 8 yana sane cewa abokinsa ba shi da miliyan 40 a hannu. Haka ma a shekara irin ta 2023, da cutar citta ta lalata gonaki a kudancin Kaduna.

Saboda haka sharaɗin yana buƙatar kariya uku. A hana yin tayi ƙasa da ƙimar da akanta mai zaman kansa ya fitar. A hana miƙa tayi a watannin sayen kaya, misali daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A kuma bai wa wanda aka yi wa tayi kwana 30 ya amsa, da kwana 90 ya nemo kuɗi. Shiru ana ɗaukarsa a matsayin yarda da sayarwa. Wanda ya ce zai saya ya kasa biya, damar ta koma ga abokinsa da rangwame, misali kashi 10 cikin ɗari.

Bugu da ƙari, a rubuta cewa ranar biyan kuɗi mai fita zai ajiye muƙamin darakta, mai saye kuma ya fitar da shi daga duk lamunin da ya tsaya wa kamfanin a banki. In ba haka ba, mutum zai bar kamfani amma bashinsa na wuyansa. Daga ƙarshe, lauya ya daidaita yarjejeniyar da ƙa'idojin kamfanin da ke Hukumar Rajistar Kamfanoni, musamman batun ƙuri'ar raba gardama ta shugaba, wadda in aka bar ta a hannun mutum ɗaya za ta soke daidaiton da aka gina komai a kansa.