Launukan Sallah Daga Zaure Zuwa Wajen Cin Abinci

Kafin ki sayi labulen Sallah, dubi kafet ɗin falo, domin daga jikinsa za ki ɗauko launukan gidan. A ce kafet ɗin ruwan ƙasa ne mai ratsin kore da ruwan zinare. To, ruwan madara ya mamaye bango da labule, kamar kashi 60 cikin 100. Kore ya ɗauki kashi 30: filon kujeru, tabarmar zaure, da ledar cin abinci. Ruwan zinare kuwa kaɗan ya isa, a kaskon turaren wuta da farantai.

Ki tsaya a bakin ƙofa da daddare ki duba, saboda ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana dusashe kore.