Yadda Ake Dunƙule Labari Guda A Cikin Jimla Ɗaya

Marubuci zai iya shafe shekara yana rubuta labari mai shafi 300, amma ranar da ya tsaya gaban furodusa a Titin Gidan Zoo a Kano, ko gaban mai buga littafi, tambaya ɗaya za a yi masa: "Malam, labarin mene ne?" A nan ne da yawa suke daburcewa. Wani ya faro tun daga haihuwar jaruma, ya shiga auren iyayenta, kafin ya iso inda rigima take mai sauraro ya koma duba wayarsa. Wani kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, labari ne mai faɗakarwa da ilimantarwa," ya yi shiru, alhali bai faɗi komai ba.

Masu sana'ar fim a Hollywood sun daɗe da mai da amsar wannan tambaya fanni mai zaman kansa. Suna kiran ta loglayin: jimla ɗaya, ko biyu in ta kama, wadda galibi ba ta wuce kalma 25 zuwa 35 a Turanci, da za ta nuna ƙashin bayan labari, ta kuma sa wanda ya ji ta ya nemi sauran. Marubucin fim Blake Snyder, a littafinsa Save the Cat! na 2005, ya sa wannan jimla a babin farko, ya kuma shawarci marubuci ya same ta tun kafin ya fara rubuta fim ɗin. Ina ganin yana da gaskiya, kuma dalilin zai fito a gaba.

Kada a haɗa ta da kirarin da ake rubutawa a jikin fosta. Kirarin fosta aikinsa tayar da sha'awa, ba dole ya faɗi wane ne ya yi me ba. Kada kuma a haɗa ta da taƙaitawar shafi guda, wadda ke bin labari tun daga farko har ƙarshe. Jimlar da muke magana a kai tana tsakaninsu. Dole ta faɗi wanda labarin ke kansa, abin da yake so ya cimma, abin da ya tare masa hanya, da abin da za a rasa in ya gaza. Daga nan sai ta tsaya, ba ta faɗi yadda aka ƙare ba.

Mu gwada da littafin da kusan kowane mai karatun Hausa ya sani, wato Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, wanda ya fito a 1937. A ce yau aka rubuta shi, ana so a tallata shi ga wanda bai taɓa jin sa ba.

Abin da zai fara zuwa bakin mutum shi ne: "Labari ne a kan hikima, amana da cin amana a fadar wani sarki." Babu ƙarya a ciki, amma wannan jigo ne, ba labari ba. Alamar da za ka gane haka ita ce, za ka iya ɗaukar jimlar nan ka liƙa wa littattafai ɗari, ta zauna daram. Babu mutum a cikinta, babu wanda ke motsi. Duk jimlar da ta cika da kalmomi irin su soyayya, haƙuri, butulci da ƙaddara, amma ba ta nuna wani yana yin wani abu ba, tana da wannan ciwon.

Gwaji na biyu yakan faɗa ɗaya ramin. Sai a ce Sarki Abdurrahman yana da ɗa Musa, sai aka samu aku, sai rigima ta tashi da Sarkin Sinari, sai aka tafi yaƙi, sai Mahmudu ya bi, sai Waziri ya ƙulla makirci. Duk inda ka ga "sai" ta jeru haka, jerin aukuwa ne kawai. Sunaye sun cika wuri, kuma ba su gaya wa baƙo komai ba. Wanda bai karanta littafin ba bai san Musa ba, don haka sunan ba ya motsa shi. Amma in ka ce "magajin sarki", nan take ya san darajar yaron da irin masu son ganin bayansa. Shi ya sa ake cire sunaye a sa siffa, sai fa in sunan na wani sananne ne a tarihi, kamar Sarauniya Amina, wanda shi kansa jan hankali ne.

Aiki mafi wuya shi ne tantance mai labarin, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ido yakan tafi ga Musa, tunda shi ne ɗan sarki, shi ne kuma rayuwarsa ke cikin haɗari. Sai a rubuta: "Ɗan sarki yana so ya bi ubansa fagen fama, amma wani aku yana hana shi da surutu." Dubi abin da ya faru. Aku ya zama cikas, Musa ya zama wanda ake tauye wa haƙƙi, mai sauraro kuma zai goyi bayan yaron ya fita, wanda shi ne akasin abin da littafin ke so ka ji. Musa yana da buri, amma bai san haɗarin da ke jiransa ba, kuma ba shi ne ke fafutuka ba. Wanda ya san gaskiya, ya ɗauki nauyi, yake kuma yin dabara dare bayan dare, shi ne aku. Mai labari shi ne wanda ke yin aikin da in ya daina, komai ya rushe. Da zarar ka mai da aku kan gaba, sauran guraben sai su cika da kansu. Burinsa ya tsare yaron a gida har sarki ya dawo. Cikas ɗinsa zumuɗin yaron da makircin Waziri. Abin da za a rasa kuwa ran magaji ne, da sarautar ma gaba ɗaya.

Ga yadda za ta iya fitowa: "Sarki ya tafi yaƙi ya bar magajinsa a hannun aku wanda ba shi da makami sai baki, dole akun ya riƙe yaron da labari kowane dare har asuba, domin in ya fita fada, mutanen Waziri za su halaka shi."

Ba ta kai kalma 40 ba. Hausa takan ɗan fi Turanci yawan ƙananan kalmomi irin su "ya" da "da", saboda haka ban ga laifi ba in tamu ta zarce tasu kaɗan, muddin ana iya faɗin ta a numfashi ɗaya ko biyu. Ƙarfin jimlar yana wurin da aka ce ba shi da makami sai baki. An ɗora babban nauyi a kan wanda bai dace da shi ba: ga Waziri da mutanensa, ga tsuntsu. Wannan rashin daidaito shi ne ƙugiyar da ke kama mai sauraro, domin yana sa shi tambayar kansa yadda hakan zai yiwu. "Kowane dare har asuba" kuma ya sa wa labarin agogo, ya nuna cewa ba sau ɗaya za a yi fama ba, ya kuma gaya wa mai buga littafi siffar littafin, wato labarai ne a cikin labari.

Irin wannan ƙugiya ce ke cikin fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, na 1975. Babban kifi mai cin mutane ya addabi wani garin tsibiri da ke cin abinci da baƙi masu zuwa wanka, magajin gari ya ƙi a rufe bakin teku don kada kasuwa ta mutu, wanda kuma zai fuskanci kifin shugaban 'yan sanda ne mai tsoron ruwa. Cire tsoron ruwan nan, sai ya zama labarin farauta kamar kowane.

Lura kuma da abin da muka bari a waje. Babu Mahmudu, babu Sinari, babu ko ɗaya daga labaran da akun ya bayar, duk da cewa su ne daɗin littafin. Babu kuma ladan da akun ya samu a ƙarshe. Marubuta sukan ji zafin wannan yanka, kamar tela da aka ce ya nuna riga ta hanyar ƙyalle ɗaya. Amma ƙarshen labari shi ne abin da kake sayarwa, in ka bayar da shi kyauta a jimlar farko babu dalilin da zai sa a buɗe shafi. Sai dai ɓoye ƙarshe daban, ɓoye labari daban. Masu rubuta "ko me zai faru da ita? Sai kun karanta" ba tare da sun faɗi halin da take ciki ba, sun ɓoye abin da ya kamata su nuna.

Yanzu ga dalilin da ya sa na goyi bayan a rubuta jimlar tun da wuri. In ka zauna ka kasa cike gurbin buri, ko ka ga jarumarka ba ta yin komai sai kuka yayin da kishiya da uwar miji ke tafiyar da al'amura, matsalar ba a jimlar take ba, a labarin take. Gara ka gano haka a layi ɗaya da ka gano shi bayan shafi 200, ko bayan an kashe kuɗin ɗaukar fim.

Hanyar tana da iyakarta. Shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda gari guda ne jaruminsa, ba ya shiga wannan ma'auni na mutum ɗaya da buri ɗaya. A irinsa, jimlar takan nuna wurin ne da abin da ke haifar da rigima a cikinsa mako bayan mako. Haka kuma kyakkyawar jimla ba ta tabbatar da cewa rubutun zai yi kyau. Tana buɗe ƙofa ne kawai.

Gwajin ƙarshe ba a takarda ake yin sa ba. Ka faɗa wa wanda bai san labarinka ba, kuma ba ya jin nauyinka, da baki, sau ɗaya. In ya ce "tsaya, wane ne Wazirin?" ko "ban gane ba", akwai sauran ƙura, ka koma ka share. In ya ce "ma sha Allah, ya yi kyau" ya canza zance, jimlar ba ta kama shi ba, ladabi kawai ya yi maka. In kuwa ya ce "to, ya fita ko bai fita ba?", ka samu abin da kake nema. Mai karatu, in kana da labari a aljihun tebur ko a waya, kafin ka tura wa kowa shafi na farko, ka zauna ka rubuta wannan jimla ɗaya tukuna.