Tsayi Biyu a Tudu Ɗaya: Wanne Ake Lissafi da Shi?

Idan tifa ta juye yashi a bakin gini, tulin da ta bari yakan tsaya da faɗi a gindi, ya yi tsini a sama, siffar da masu lissafi ke kwatantawa da mazurari a kife. Maigida yana son ya san ko yashin ya cika abin da ya biya. Sai birkila ya ɗauko tef, ya kafa shi a ƙasa, ya ja shi bisa jikin tulin har ƙololuwa, ya ce, "Alhaji, tsayinsa mita biyu da rabi ne." Awon daidai ne, amma abin da ya auna ba shi lissafin yake nema ba.

Kowace siffa mai tsini irin wannan tana da tsawo biyu. Akwai tsayin tsaye, wanda ya taso daga tsakiyar gindi ya miƙe sak zuwa tsini. Wannan a ɓoye yake cikin tulin, hannu ba ya kai masa. Akwai kuma tsawon gangare, wanda ya bi jikin tulin daga gefen gindi zuwa tsini. Shi ido yake gani, shi tef yake iya bi, shi ya sa mutane suke ɗaukarsa a matsayin tsayi.

Mu tsaya a kan tulin nan. Aka zagaya gindinsa da igiya, aka sami mita 12.56. A raba wannan da 6.28, rabin faɗin gindin ya fito mita 2. Gangare kuma mita 2.5 ne. Rabin faɗi, da tsayin tsaye, da gangare, sun haɗa alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa, gangaren kuwa shi ne gefenta mafi tsawo. Don haka ƙa'idar Pythagoras ta yi aiki: l² = r² + h², inda l ne gangare, r rabin faɗi, h tsayin tsaye. A ninka 2.5 da kansa, 6.25 ke nan. A ninka 2 da kansa, 4. A cire, saura 2.25. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 2.25 ita ce 1.5. Ashe tulin da aka ce ya kai mita biyu da rabi, mita ɗaya da rabi ne daga ƙasa, bai ma kai tsayin birkilan ba.

Yawan yashin ana samunsa ne da V = ⅓πr²h, wato faɗin filin gindi sau tsayin tsaye, a raba uku. Filin gindin murabba'in mita 12.56 ne. Sau 1.5, a raba uku, ya ba da kubik mita 6.28. Da an saka 2.5 a gurbin 1.5, da an sami kusan 10.5, ƙarin kashi biyu cikin uku na yashin da babu shi. Maigida ya tafi yana murna, sai an zo rabin aiki yashi ya ƙare.

Dalilin da ya sa lissafin abin da ke ciki yake bin tsayin tsaye ba shi da wuyar ganewa. A ɗauka an yayyanka tulin a kwance, faifai a kan faifai, kowane na sama ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Yawan yashin shi ne jimillar waɗannan faya-fayen, kuma kaurin kowane ɗaya sama ake auna shi, ba a karkace ba. Idan aka haɗa kaurinsu duka, tsayin tsaye ne zai fito.

Mai yin rufi kuwa lissafinsa ya juya. A ce jinka ce ta zagayayyen ɗaki, da awo iri ɗaya da tulin nan: rabin faɗi mita 2, tsininta ya ɗara kan bango da mita 1.5. Ciyawa ko kwano a jikin gangare suke kwanciya, saboda haka abin da ake nema shi ne A = πrl. Wato 3.14 sau 2 sau 2.5, murabba'in mita 15.7. Wanda ya saka 1.5 zai sami 9.42, ya sayo kayan da ba za su rufe ɗakin ba. A nan akwai alamar da ke tona kuskuren nan take. Daɓen ɗakin kansa murabba'in mita 12.56 ne, kuma ba yadda za a yi rufin da ya tashi sama ya gaza daɓen da ya lulluɓe. Duk amsar da ta fito ƙasa da filin gindi, a koma a duba.

Sai dai wannan alama ba kullum take kamawa ba. A siffa mai tsawo siririya, tsawon biyu suna matsowa kusa da juna. Idan rabin faɗi 5 ne, tsayi 12, gangare 13 ne, bambancin bai wuce kashi 8 cikin ɗari da ɗan abin da ba a rasa ba. Amsar kuskure sai ta yi kama da ta gaskiya, kuma a ganina irin wannan tambayar ce ta fi cin makin ɗalibai a jarrabawa, domin babu abin da zai ja hankalinsu. Abu ɗaya dai ba ya canzawa: gangare ya fi tsayin tsaye tsawo a koyaushe. Wanda ya sami akasin haka, ya haɗa inda ya kamata ya cire.

Dala ta fi mazurari tarko, domin tsawonta uku ne. Babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, wadda aka gina wa Fir'auna Khufu shekaru wajen 4,500 da suka wuce, gindinta mai kusurwa huɗu ne, kowane gefe kimanin mita 230. Tsayinta na asali ya kai kimanin mita 146 da rabi, kafin duwatsun samanta su zube. Wanda ya tsaya a tsakiyar gefe ɗaya ya hau fuskar dalar kai tsaye zuwa tsini, zai bi kimanin mita 186. Wannan shi ne gangare, kuma ana samunsa ta haɗa tsayin tsaye da rabin gefen gindi, mita 115, a ƙa'idar ɗazu. Wanda kuwa ya fara daga kusurwa ya bi kaifin da fuskoki biyu suka haɗu, tafiyarsa ta kai mita 219, domin kusurwar ta fi nisa da tsakiya, kimanin mita 163.

Kowanne da aikinsa. Girman cikin dalar yana bin 146 da rabi, ya ba da kubik mita kusan miliyan 2.6. Da 186 aka yi, da an kai kusan miliyan 3.3. Kowace fuska kuma alwatika ce, filinta rabin 230 sau 186, kimanin murabba'in mita 21,400. Shi kuwa 219 ɗin, ba ya shiga ko ɗaya cikin lissafin biyu. Amfaninsa na kafinta ne: idan rufin gida mai siffar dala ake yi, shi ne tsawon katakon da zai tashi daga kusurwa zuwa tsini. Ɗalibi yakan gan shi a zane, layi ne a karkace, sai ya ɗauke shi a matsayin gangare, filin fuskar ya kumbura da kusan kashi 18 cikin ɗari.

Duk wannan lissafi yana tafiya ne idan tsinin yana daidai saitin tsakiyar gindi. Tulin da aka juye a jikin bango, ko wanda leburori suka fara kwasa ta gefe ɗaya, ba shi da gangare guda, kowane ɓangare da nasa. A irin wannan sai a nemi tsayin tsaye kai tsaye: a kafa sanda a gefen tulin, a ja igiya daga tsini zuwa sandar, a daidaita ta da lebur ɗin birkila har ta kwanta sosai, sannan a auna daga inda ta taɓa sandar zuwa ƙasa.