Resista Biyu da Ƙwaya Ɗaya: Yadda Ake Gano Ƙarfin Ampilifaya da Lissafi

A cikin na'urar haɗa sauti ta gidan biki, ko a allon inbata, ana yawan cin karo da wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafa takwas, an rubuta 741 ko LM358 a bayanta. Ita ake kira ofam, kuma aikinta ninka ƙaramar siginar lantarki ta zama babba. Amma sau nawa za ta ninka, wannan ba ita ke yankewa ba. Resista biyu da aka liƙa a gefenta su ke yanke hukuncin, kuma wanda ya iya raba lamba da lamba zai iya gano amsar da kansa.

Mu ɗauki 741, wadda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968. Tana da ƙofofin shiga biyu: ƙafa ta 2 mai alamar ragi, da ƙafa ta 3 mai alamar ƙari. Mafita tana ƙafa ta 6. Abin da ƙwayar ke yi shi ne ta duba bambancin bolt tsakanin ƙofofin nan biyu, ta ninka shi wajen sau 200,000. Wannan ƙarfi ya wuce misali, domin ko bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba ya isa ya tura mafita har ƙarshen iyakarta. Dabarar horar da ita ita ce a ɗebo wani ɓangare na abin da ya fita a mayar da shi ƙofar ragi. Harold Black ne ya ƙirƙiro wannan dabara ta mayarwa a 1927, yana aikin layukan tarho a Amurka.

Da zarar an yi mayarwar, ofam takan zama kamar mai awo da sikeli: in gefe ɗaya ya rinjaya, sai ta ƙara ko ta rage a mafita har ƙofofin biyu su daidaita. A ce mafita tana ba da bolt 5. Bambancin da ake buƙata a ƙofa shi ne 5 a raba da 200,000, wato kashi 25 cikin miliyan na bolt. Mitar da ke teburin mai gyara ba za ta ma gan shi ba. Shi ya sa ake ɗaukarsa sifili, a ce ƙofofin biyu bolt ɗinsu ɗaya, kamar an haɗa su da waya alhali babu wayar. Wannan shi ne haɗin zato. Yana tafiya da ƙa'ida ta biyu: ƙofofin ba sa shan karan, ko kuma abin da suke sha bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga tsari na farko, mai juya sigina. Ƙofar ƙari a haɗa ta da giraun, wato bolt sifili. Sigina `Vin` ta bi ta resista `R1` ta isa ƙofar ragi, sannan wata resistar, `Rf`, ta taso daga ƙofar ragin zuwa mafita. Mu sa `R1` ta zama om 10,000, `Rf` kuma om 100,000, siginar ta zama rabin bolt.

Tunda ƙofar ƙari tana sifili, haɗin zato ya ce ƙofar ragi ma tana sifili. Ke nan `R1` tana da rabin bolt a gefe ɗaya, sifili a ɗaya gefen. Dokar Om ta ce karan shi ne bolt a raba da resista: 0.5 a raba da 10,000 ya ba da miliyam 0.05. To ina wannan karan zai nufa? Ƙofa ba ta sha, saboda haka ba shi da hanya sai ya wuce gaba ɗayansa ta cikin `Rf`. Miliyam 0.05 da ya ratsa om 100,000 yana zubar da bolt 5. An faro daga sifili an gangara da biyar, mafita ta tsaya a bolt 5 ƙasa da sifili. An ninka sau goma, an kuma kifar da siginar. In an cire lambobin aka bar sunaye:

```
Vin / R1 = -Vout / Rf
Vout / Vin = -Rf / R1
```

Tsari na biyu ba ya juyawa. Resistocin nan dai su ne, `Rf` tana inda take, amma ƙarshen `R1` ya koma giraun, sigina kuma ta shiga kai tsaye ta ƙofar ƙari. Yanzu ƙofar ƙari tana rabin bolt, don haka ta ragi ma dole ta hau rabin bolt. `R1` ta sake ɗaukar miliyam 0.05, wannan karon zuwa giraun, kuma babu inda zai fito sai daga mafita ta cikin `Rf`. Bolt 5 ɗin nan ya sake bayyana a kan `Rf`, sai dai yanzu a kan rabin bolt ya ɗoru, ba a kan sifili ba. Mafita ta zama 5.5, ninki goma sha ɗaya.

```
Vout = Vin + (Vin / R1) * Rf
Vout / Vin = 1 + Rf / R1
```

Ɗayan nan da ɗalibai ke yawan mantawa a jarrabawa, siginar ce da kanta, wadda sauran bolt ɗin suka hau kanta. Saboda shi ne wannan tsari ba ya taɓa rage sigina, alhali mai juyawa yana iya ragewa in `Rf` ba ta kai `R1` ba.

A ganina, babban kuskure wajen koyar da wannan darasi shi ne a bar ɗalibi ya ɗauka haɗin zato ɗabi'ar ƙwayar ce. Sakamakon mayarwa ne, kuma yana rushewa duk lokacin da mafita ta kasa yin abin da ake nema daga gare ta. A gwada ba wa tsari mai juyawa bolt 2. Lissafi ya ce a samu 20 ƙasa da sifili, amma in wutar da ke ciyar da ƙwayar bolt 15 ce sama da ƙasa, 741 za ta cije a wajen 13. Daga nan ba ta iya janyo ƙofar ragi zuwa sifili, sai ƙafa ta 2 ta tashi zuwa kusan bolt 0.6. A lasifika ana jin wannan a matsayin sauti mai garaji, don an aske kawunan siginar.

Wannan ya ba mai gyara gwaji mai sauƙi. Ya ɗora mita tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, na'ura tana kunne. In ya ga kusan sifili, mayarwa tana aiki. In ya ga bambanci mai kauri, to ko dai mafita ta cije, ko `Rf` ta katse, ko an yi kuskuren kai ta ƙofar ƙari, ko kuma ƙwayar ta mutu. Sai dai ya fara tabbatar da cewa da'irar ta ampilifaya ce, domin akwai inda ake sa ofam ta kwatanta bolt biyu ba tare da mayarwa ba, kuma a can bambanci ba laifi ba ne.

Saurin sigina ma yana cin lissafin. Ninkin 200,000 ɗin na sigina mai tafiyar hawainiya ne, yana raguwa yayin da sauri ke ƙaruwa, har ya koma ɗaya a wajen hez miliyan ɗaya. Da ninki 11, 741 tana riƙe alkawari har kusan hez 90,000, wanda ya wadaci kunnen mutum. Amma wanda ya nemi ninki 101 daga ƙwaya ɗaya zai ga ta fara gazawa tun wajen hez 10,000, siraran sautuka su dushe.

Wajen zaɓi tsakanin tsarin biyu, a duba inda siginar ta fito. A tsari mai juyawa, majiyar sigina tana ganin `R1` a matsayin kayan da za ta ɗauka, kuma tirjiyarta ta cikin gida tana haɗuwa da `R1` ɗin. In majiyar tana da om 10,000 nata, ƙasan lissafin ya zama 20,000, ninki goma ya faɗo biyar. Majiya mai rauni irin wannan gara a shigar da ita ta ƙofar ƙari, inda kusan babu karan da za a ja daga gare ta.